Karanta Takardar Likita: Abin da Ido Ya Gani da Abin da Zuciya Ta Cike

Malam shugaban taro, shugabar sashen harhaɗa magunguna, malamai abokan aiki, ma'aikatan ɗakin magani da suka baro aiki suka zo, da ku ɗalibai da za ku fita horo asibitoci.

An ba ni batu ne a kan yadda ake karanta takardar magani da likita ya rubuta da hannu: sunan magani, adadinsa, sau nawa za a sha, da yadda mai karatu zai sa alama a kan duk kalmar da bai tabbata da ita ba. Maganata guda ce. Kalmar da ta gagare ka karantawa gaba ɗaya ba ta cika kashe mutum ba, domin dole ka tsaya ka yi tambaya. Wadda ke yin ɓarna ita ce wadda ka ga rabinta, zuciyarka ta cike maka sauran, ka miƙa hannu kan kanta ka ɗauko, ba ka ma san ka yi zato ba.

An raba muku wata takarda. Ni na shirya ta saboda wannan zama, ba ta wani majiyyaci ba ce, amma da irin hannun da za ku riƙa gani kullum aka rubuta ta. Mace ce 'yar shekara 42. Idan aka kwafe abin da ido ke iya gani kawai, aka sa ɗigo a gurbin haruffan da suka narke suka zama zare, ga abin da za a samu:

```
1. Tabs Carb......e  10(0?)mg  tds  x 1/12
2. Tabs Propranolol  40mg  .d.  x 1/12
3. Tabs PCM  1g  tds  x 3/7
```

Ku riƙe ta a hannu, da ita za mu yi tafiyar nan har ƙarshe.

Na farko: kwafi kafin fassara

Kafin ka taɓa kowane kwali, ɗauki wata farar takarda ka kwafe rubutun layi-layi, kamar yadda na yi a sama. Harafin da ka gani da idonka, rubuta shi. Wanda ba ka gani ba, sa ɗigo. Inda kake da zato biyu, rubuta duka biyun ka sa alamar tambaya. Kada ka bi kan rubutun likita da bironka kana “gyara” shi, domin da zarar ka mai da wani lanƙwasa ya zama harafi, wanda zai duba bayanka zatonka zai karanta, yana tsammanin hannun likita ne.

Wani zai ce, Malam, layi ya kai bakin ƙofa, yaushe zan zauna kwafi? Ba kowace takarda ce ke bukatar haka ba. Amma duk wadda idonka ya ɗan tsaya a kan wata kalma tata, ko na daƙiƙa ɗaya ne, to ta cancanta. Wannan tsayawar ita ce alamar farko, kuma ita ce mutane suka fi saurin dannewa.

A nan ne kuma ake duba saman takarda: sunan majiyyaci, shekaru, kwanan wata, sa hannun likita, da nauyi idan yaro ne. Takardar yaro da babu nauyi ko shekaru, ita kanta ta samu alamar tambaya tun ba a shiga magani ba.

Na biyu: sunan magani

Ku dubi layi na ɗaya. Haruffa huɗu ne a fili, sai zare mai tsawo, sai harafi guda a ƙarshe. Na ji wasu a baya suna raɗa amsa. Da wacce hujja?

Magunguna biyu ne a kan kantarku da suka fara da waɗannan haruffa suka kuma ƙare da wancan. Akwai `Carbimazole`, wanda ake ba mai cutar da ƙullin maƙogwaro ke fitar da sinadari fiye da kima, wadda sau da yawa take zuwa da maƙoƙo, da bugun zuciya, da rama, da yawan zufa. Akwai kuma `Carbamazepine`, maganin farfaɗiya, wanda ake bayarwa har ila yau don wani matsanancin ciwon jijiyar fuska. Kama da wane ba ta wane. Idan mai farfaɗiya ya tafi gida da kabimazol, faɗuwa za ta dawo masa, kuma ya ɗauki maganin da kan iya karya ƙwayoyin jinin da ke kare jiki alhali ba ya bukatarsa. Idan mai cutar maƙogwaro ta tafi da kabamazefin, za ta yi wata guda tana jiri da barci, cutarta na ci gaba da cin ta, ga haɗarin ƙurajen fata masu tsanani da maganin kan jawo wa wasu.

To yaya ake rarrabewa? Akwai shaidu, kuma ana kiransu ɗaya bayan ɗaya.

Shaidar farko siffar kalmar ce. Ko rubutu ya lalace, tsayi da wutsiya ba sa ɓata da sauƙi. Kabimazol yana da harafi mai tsayi dab da ƙarshe, wato `l`. Kabamazefin yana da harafi mai wutsiya ƙasa a wajen, wato `p`, kuma ya fi tsawo da haruffa biyu. Ku duba takardarku. Kun ga tsayi ko wutsiya? Akwai wani ɗan ƙugiya da ya leƙa sama, amma ba zan rantse a kansa ba, ku ma kada ku rantse. A nan dabara ita ce ka nemi harafin da kake shakka a wata kalmar da ta fito sarai a takardar. Wannan likita ya rubuta `l` sau biyu a layi na biyu. Yaya yake yin sa? Kwatanta. Kowane likita yana da hannunsa, kuma takardarsa ce ke koya maka shi.

Shaida ta biyu adadi ne, kuma yawanci ita ce mai ƙarfi. Kabimazol ƙwayarsa da aka fi samu miligiram 5 ce, ana kuma fara wa babba da tsakanin 15 zuwa 40 a yini. Kabamazefin kuwa da ɗaruruwa ake lissafa shi: 100, 200, 400. Da adadin ya fito sarai, da magana ta kusa ƙarewa. Amma na sa muku tarko da gangan: bayan 10 ɗin akwai wani zagaye da ya manne da `mg`. Sifili ne, ko farkon harafin `m` ne da biro ya naɗe? Idan 10 ne sau uku, 30 ke nan a yini, daidai da kabimazol. Idan 100 ne sau uku, daidai da kabamazefin. Kun ga kowane karatu yana da adadin da zai gaskata shi. Wanda ya riga ya yanke a ransa cewa maganin farfaɗiya ne, wallahi sifili biyu zai gani.

Bari in ba ku labarin da ya shiga kotu, don ku ga nauyin wannan shaida. A jihar Texas ta Amurka wani likitan zuciya ya rubuta `Isordil`, miligiram 20 duk awa shida, maganin ciwon ƙirji. Mai ba da magani ya karanta `Plendil`, maganin hawan jini, ya ba da shi a kan wancan adadin. Abin da ake sha na wannan na biyun ba ya wuce miligiram 10 a yini guda, ga shi an ba mutum 80. Mutumin ya samu bugun zuciya, ya rasu bayan 'yan kwanaki. A 1999 masu taya alƙali hukunci suka yanke diyyar dala 450,000, aka raba ta biyu tsakanin likita da ɓangaren mai maganin. Ku lura da rabon nan. Rubutun likita ne ya munana, amma ba a sallami wanda ya karanta ba, domin adadin yana ta ihu cewa sunan da ya karanta ba shi ba ne.

Shaida ta uku maƙwabta. Me aka rubuta tare da shi? Layi na biyu furofanolol ne, kuma an saba haɗa shi da kabimazol don ya lafar da bugun zuciya da karkarwar hannu kafin babban maganin ya fara aiki. Wannan ya karkata ma'auni. Amma ana ba da furofanolol don hawan jini, ana ba da shi don rigakafin ciwon ɓarin kai. Mace mai farfaɗiya ba za ta iya samun hawan jini ba ne?

Shaida ta huɗu tana tsaye a gabanka, ita ce majiyyaciyar. Yadda za ka tambaye ta shi ne aikin. Idan ka ce, “Hajiya, maƙoƙo ne da ke, ko?” mai kunya za ta ce e don kada ta musa wa ma'aikaci. Farfaɗiya kuwa, kun san mutanenmu, ba a faɗinta a gaban layi. Ja ta gefe ka ce, “Hajiya, sannu da jiki. Me ya kawo ki asibiti? Likita ya ce me ke damunki? Kin taɓa shan wannan magani? Kina da tsohon kwalin a jaka?” Mu ƙaddara ta ce, “Ɗan nan, zuciyata ce ke bugawa kamar za ta fito, ina ci ina ramewa, an ɗebi jinina an ce na wuya ne.”

Yanzu shaidu uku sun nuna kabimazol. Sai a miƙa? A'a. Abin da kake da shi zato ne mai ƙarfi, kuma a takardar kwafinka haka za ka rubuta shi: kabimazol, alamar tambaya, a ƙasa ka sa dalilanka. Alamar ba ta fita sai wanda ya rubuta ya fitar da ita.

Na uku: lamba da ma'auninta

Ba zan daɗe a nan ba, amma akwai wurare uku da nake so idonku ya riƙa tsayawa ko da rubutun ya yi kyau.

Ɗigon da ke raba lamba. Idan aka rubuta `.5mg` babu sifili a gaba, ɗigon ya faɗa kan layin takarda, sai a karanta 5, ninki goma ke nan. Idan aka rubuta `5.0mg`, ɗigon ya ɓace, sai a karanta 50. Sai harafin `U` da wasu ke sa wa bayan adadin insulin: `4U` da hannun gaggawa 40 ne. Saboda irin wannan ne hukumar da ke tantance asibitoci a Amurka ta sa waɗannan cikin jerin rubutun da ta hana amfani da su tun 2004. Na uku kuma `µg` da `mg`, waɗanda tsakaninsu ninki dubu ne. Digozin na zuciya, alal misali, ana iya rubuta shi miligiram 0.125 ko maikirogiram 125, abu ɗaya ne. Duk wanda ya ga 125 da `mg` a bayan wannan suna, ya ajiye biro.

Akwai kuma shakkar da ba ta rubutu ba ce, ta gibi ce. Likita ya rubuta wa yaro amoksisilin na ruwa, `5ml tds`, kowane harafi tsaf. Amma akwai kwalba mai miligiram 125 a cikin mililita 5, akwai mai 250. Wacce yake nufi? Abin da ba a rubuta ba shi ma yana samun alamar tambaya.

Layinmu na uku lafiya lau yake. `PCM` taƙaitawa ce da kowa ya sani a asibitocinmu, farasitamol. Giram ɗaya ƙwaya biyu ce ta miligiram 500, sau uku a yini giram 3, ƙasa da iyakar giram 4 ta babba. Kwana uku, ƙwaya 18. Wannan ka sa masa alamar an gani. Amma kada sabo da shi ya sa ku yarda da kowace taƙaitawa mai harafi uku. Wadda ba ka saba gani daga hannun wannan likita ba, tambaya take bukata.

Na huɗu: sau nawa, har yaushe

Mun gaji tsarin Ingila a nan Najeriya: `od` sau ɗaya a yini, `bd` sau biyu, `tds` sau uku, `qds` sau huɗu, `nocte` da dare, `stat` yanzu-yanzu sau ɗaya, `prn` idan bukata ta taso. Tsawon lokaci kuma `5/7` kwana biyar, `2/52` mako biyu, `1/12` wata guda.

Ku koma layi na biyu. Harafin `d` ne kawai ya fito, da wani abu a gabansa, da ɗan jan biro a bayansa. Yawancinku za ku ce ko `od` ko `bd`. Ilimi zai taimaka kaɗan: furofanolol na yau da kullum ba ya daɗewa a jiki, shi ya sa ake raba shi cikin yini, don haka sau ɗaya ya yi nisa da al'ada. Sai ka karkata ga sau biyu. To wancan jan biron na baya fa? Idan `s` ne da ya kwanta, kalmar `tds` ce ko `qds`. Lissafin ƙwaya zai nuna muku girman abin: a wata mai kwana 30, ƙwaya 30 ce, ko 60, ko 90, ko 120. Da likita ya rubuta jimillar ƙwayoyin a gefe, da ita ta warware mana, kuma ina roƙon likitocin da ke zaune a nan su riƙa yi.

Akwai maganin da ko rubutun ya fito ƙarara sai ka tsaya. Metotireksat na masu ciwon gaɓoɓi sau ɗaya ake shan sa a mako. An yi asarar rayuka a ƙasashe da dama saboda an sha shi kullum. Idan ka ga alamar kullum a bayansa, to ko dai idonka ne ya yi kuskure ko hannun likita, kuma kowanne ne ba ka miƙawa.

Ku da za a tura Katsina, Daura, Illela ko Maigatari, takardun Nijar za su zo hannunku daga Maraɗi da Damagaram da Ƙonni. Da Faransanci ake rubuta su. `cp` ƙwaya ce, `x3/j` sau uku a yini, `pdt 5j` har kwana biyar. Su waƙafi suke sa wa a inda muke sa ɗigo, `0,5`. Lambar ɗayansu tana da dogon baki da kan yi kama da bakwai ɗinmu, bakwai ɗinsu kuma suna ratsa ta da layi. Sannan `càc` ƙaramin cokali ne na mililita 5, `càs` babba ne na 15. Harafi guda ne tsakaninsu, ninki uku a cikin yaro.

Na biyar: yadda ake cire alama

Yanzu takardar kwafinka tana da alama uku: suna a layi na ɗaya, adadi a layi na ɗaya, da sau nawa a layi na biyu. Kira likita, ko ka taka da ƙafarka idan asibiti ɗaya kuke. Na san abin da ke ranku: “Zai yi min faɗa.” Wataƙila. Amma likita ya fi jin haushin wanda ya kira yana kame-kame. Wanda ya shirya tambayarsa, minti ɗaya ya ishe shi.

Ka ce, “Ranka ya daɗe, daga ɗakin magani ne. Majiyyaciya wance, 'yar shekara 42, da ka gani yau. Layi na ɗaya, wane magani ne kuma miligiram nawa? Layi na biyu, sau nawa a yini?” Kada ka sa masa amsa a baki. Idan ka ce “sau biyu ne ko?” mutumin da ke tsakiyar duba wani zai ce e bai ma ji ka ba. Bari shi ya furta. Mu ce ya amsa: kabimazol, miligiram 10, sau uku, furofanolol kuma sau uku. Kun gani? A suna zatonmu ya dace, a layi na biyu kuwa da mun bi abin da muka fi karkata gare shi, da mun rage mata kashi ɗaya cikin uku na maganinta har wata guda.

Sai ka maimaita masa abin da ka ji, lamba ɗai-ɗai: “ɗaya, sifili, miligiram goma.” Da Turanci sha biyar da hamsin kusan sautinsu ɗaya a waya, haka sha shida da sittin. Sunan kuma ka haɗa shi da aikinsa: “kabimazol na maƙogwaro.” Daga nan ka rubuta a gefen takardar asali, ba a kan kalmar ba: an tabbatar daga likita wane, rana kaza, ƙarfe kaza, ka sa hannu. Yanzu ne za ka ƙirga: ƙwaya biyu ta miligiram 5, sau uku, kwana 30, ƙwaya 180, furofanolol 90.

Kafin ta tafi akwai tambaya biyu da gargaɗi guda da sunan da ka tabbatar ya wajabta. Tana da asma? Furofanolol kan tayar da ita. Tana da ciki ko tana neman samu? Likita ya kamata ya sani kafin ta fara kabimazol. Sannan ka gaya mata, idan ta ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki, ta dakatar ta dawo asibiti a ranar a duba jininta, kada ta tsaya kemis ta sayi na zazzaɓi.

Idan ba a samu likitan ba fa? Nemi likitan da ke bakin aiki ya duba fayil ɗinta, domin a can an rubuta cutar. Idan takardar daga wani asibiti take, ba ta abin da ya fito sarai wanda bai rataya a kan sauran ba, a nan farasitamol, sannan ka rubuta tambayoyinka a takarda ta koma da su. Kada ka aike ta da baki. “An ce ba a gane rubutun ba” zai dawo maka da takarda iri ɗaya. Inda jinkiri kansa haɗari ne, kamar mai farfaɗiya da maganinsa ya ƙare ko mai insulin, ba a cewa “ka dawo Litinin”. Kai maganar gaban babban mai harhaɗa magunguna nan take, a nemi tsohon kwali da katin asibiti, a samu likitan da zai yanke a ranar. Ku ɗalibai, ba ku ne za ku yanke wannan ba, kuma ba a so ku gwada.

Malam shugaban taro, na ga an miƙo min takardar lokaci, kuma ita na karanta ta sarai. Akwai wasu takardun gwaji guda biyu a wurin mai gabatarwa ga wanda yake so ya jarraba idonsa. Mai tambaya ko gyara, musamman likitocin da na taɓa a magana, bismillah, fili naku ne.